Na Rubuta Takardar Neman Ƙarin Albashi, Matata Ta Ce Kamar Ta Bara

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kamfanin raba kayan masarufi a Kano. An ɗauke ni a 2022 a matsayin mai rubuta rasit, yanzu albashina naira 85,000. Tun watan Janairun 2025 da mai kula da sito ya bar aiki aka miƙa min makullan, har yau ba a ƙara min ko kwabo ba. Ga abin da na rubuta wa Alhaji, mai kamfanin: "Ranka ya daɗe, ka san halin da ake ciki, rayuwa ta yi tsada, ga kuɗin mota ga haya ga iyali, albashina ba ya kai ni tsakiyar wata. Ina aiki ba dare ba rana, amma wanda aka ɗauka bayana ya fi ni albashi. A taimaka a duba lamarina, in ba haka ba dole in nemi wani wuri." Matata ta karanta ta ce kamar takardar bara. Na ji haushi, amma na kasa kai ta. Yaya zan yi?
Ma'aikaci daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi wa maiɗakinka godiya, ka kuma gode wa Allah da ya riƙe ƙafarka ba ka kai wannan takarda ba. Na yi shekaru ina karɓar irin waɗannan takardu a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfani, kuma na san inda suke ƙarewa. Maigida mai tausayi zai karanta, ya girgiza kai, ya ce wa akanta a ba ka dubu ashirin ko rabin buhun shinkafa. Za ka yi godiya, shi kuma ya ji ya sauke nauyi, albashi yana nan inda yake. Kuka ihsani yake jawowa, ihsani kuwa sau ɗaya ake yin sa. Idan ka dawo bayan wata uku da maganar, za a ce ai kwanan nan aka taimaka maka.

Akwai abin da ya fi wannan tayar min da hankali, kuma da shi zan fara domin ya shafi aikin da ke hannunka. Kai ne mai riƙe da makullan sito. Ka yi tunanin yadda jimlar nan ta "albashina ba ya kai ni tsakiyar wata" za ta faɗa a kunnen mutumin da ya bar maka kayan miliyoyin naira kana buɗewa kana rufewa. Kai tausayi kake nema, shi kuwa lissafi zai fara yi: to sauran rabin watan da me yake ci? Ba sai ya zarge ka a fili ba. Ranar da aka ƙirga kaya aka ga katan biyu ba su cika ba, wannan jimlar ce za ta fara faɗo masa. Direba ko masinja zai iya rubuta ta ya kwana lafiya. Mai sito da mai karɓar kuɗi ba sa rubuta ta. Goge ta tun yanzu.

Da na kira ka a waya, tambayar farko da na yi maka ita ce: me ya canza a siton tun da ka karɓe shi? Ka yi shiru na ɗan lokaci, sannan ka ce ai gibin da ake samu a ƙidayar ƙarshen wata ya ragu sosai. Na ce nawa? Ka ce sai ka duba. Washegari ka ce min daga Yuli zuwa Disambar 2024, kafin ka karɓa, abin da ke ɓacewa tsakanin littafi da abin da ke ƙasa yakan kai katan 41 a wata idan aka yi matsakaici. Daga Janairu zuwa Yunin 2025 ya koma katan 12. Wannan magana tana cikin littafin kamfanin da kake buɗewa kullum, amma ba ka sa ta a takardarka ba, ka cika ta da haya da kuɗin mota. Na san dalili. An tashe mu da cewa yabon kai jahilci, saboda haka mutum ya fi jin sauƙin ya ce "ina shan wahala" da ya ce "na yi abin kirki". To ai ba a ce ka yabi kanka ba. Kada ka rubuta cewa kai mai gaskiya ne ko mai ƙwazo, wannan kam yabon kai ne, kuma ɓarawo ma haka yake rubutawa. Ka rubuta 41 da 12, ka faɗi shafin da suke, ka bar Alhaji ya yi yabon da bakinsa.

Bari mu yi lissafin tare, don a nan ne mutane suke yin tuntuɓe. Bambancin katan 29 ne a wata. Kayanku gauraye ne, akwai sabulu akwai taliya akwai madara, kowanne da kuɗinsa. Ka ce idan aka yi musu kuɗin goro, katan ba zai gaza naira 10,000 ba. Ka tsaya a kan wannan ƙaramin farashin, kada ka ɗauki na madara don lissafin ya kumbura. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya fi ka sanin kuɗin kowane katan, kuma idan ya kama ka da ƙari a wuri ɗaya zai daina yarda da sauran alƙaluman. Katan 29 sau 10,000, naira 290,000 ke nan a wata. Amma ka fara ambaton katan kafin naira. Farashi yana ta motsi a 'yan shekarun nan, idan ka kwatanta naira da naira kawai sai a ce ai kuɗin kaya ne ya canza. Katan kuwa katan ne, bara da bana.

Sai tambaya ta biyu da na yi maka, wadda ba ka ji daɗinta ba: kai kaɗai ka jawo wannan ragin? Ka ce a watan Fabrairu an sa kyamara a ƙofar sito. To kada ka ɓoye wannan. Alhaji ne ya biya kuɗin kyamarar, bai manta ba, kuma da zarar ka ce ka rage gibi zai ce "ai kyamara ce". Ka riga shi faɗa. Ka ce ko da an ba kyamara rabin ladan, saura 145,000 a wata. Sannan ka nuna abin da kyamara ba ta iya yi: kai ne ka kawo dokar cewa ba a fitar da katan ko ɗaya sai direba ya sa hannu a takardar lodi, kai ne kake ƙirga layi ɗaya na kaya kowace Asabar maimakon a jira ƙarshen wata. Kyamara tana ganin mutum ya fita da kaya, ba ta san ko katan 50 aka rubuta aka loda 52 ba. Mutumin da ya kawo hujjar da ke rage masa ƙarfi da kansa, an fi saurin yarda da sauran maganarsa.

Ga yadda za ka gwada kowace jimla kafin ta shiga takardar. Ka tambayi kanka, Alhaji zai iya kiran akanta ya tabbatar da wannan cikin minti goma? "Ina aiki ba dare ba rana" ba ta wuce wannan gwaji ba, domin babu littafin da aka rubuta ta, kuma duk ma'aikacin da ke cikin kamfanin zai iya faɗin haka har da mai gadi, wanda shi ne ma ya fi ka gaskiya a kanta. "Tun 6 ga Janairu nake rubuta rasit kuma nake kula da sito, ba a ɗauki wani a gurbin wanda ya tafi ba" ta wuce, domin takardar biyan albashi za ta nuna suna ɗaya ya fita babu wanda ya shigo. Na sa 6 ga wata ne a matsayin misali, kai ka duba ainihin ranar da aka ba ka makullan ka sa ta.

Wannan gurbin da ba a cike ba ma shi ne ginshiƙin takardarka, ya fi maganar gibi ƙarfi. Dalili kuwa, kana so a kai ka 130,000 daga 85,000. Ƙarin 45,000 ke nan, wato fiye da kashi 50 cikin ɗari. Babu maigidan da zai ji "a ƙara min rabin albashina" bai ja da baya ba, saboda zai hango sauran ma'aikata sun jeru a ƙofarsa gobe. Amma idan ka ce "an sauya min aiki, ina roƙon a tabbatar min da muƙamin, a biya ni albashin muƙamin", ka ba shi amsar da zai ba duk wanda ya zo ƙorafi: wane ai aikinsa ne ya canza. Ka sauƙaƙe masa cewa to. Kuma kuɗin da ake biyan tsohon mai siton yana cikin lissafin kamfani tun asali, watanni ke nan ba a fitar da shi ba. Ba sabon rami kake cewa a haƙa ba.

A nan doka ma tana gefenka kaɗan, ko da yake ba na so ka ɗaga ta kamar sanda. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta ce a ba ma'aikaci bayanin sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, ciki har da irin aikin da aka ɗauke shi ya yi, kuma idan an sauya wani abu a ciki a sanar da shi a rubuce. Saboda haka neman takardar da ta ce kai ne mai kula da sito ba rashin kunya ba ne. Amma ka sani babu dokar da ta tilasta wa Alhaji ya kai ka 130,000. Mafi ƙarancin albashin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kai kuma kana sama da shi, ban da cewa dokar ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Amfanin wannan adadi a wurinka ɗaya ne: ya nuna cewa mai riƙe da makullan siton yana sama da matakin ƙarshe da naira 15,000 kacal. Kana iya faɗin haka da baki idan zama ya yi daɗi. Ban da ambaton kotu ko ofishin ƙwadago a takardar farko.

To tsadar rayuwa fa, a jefar da ita gaba ɗaya? Gaskiya ce ai. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Matsalarta ita ce hujja ce ta kowa. Ta shafe ka, ta shafi masu lodi, ta shafi Alhaji da ke sayen gas na motoci da na janareta. Ka ce masa kuɗin mota ya ninka, ya ce maka "ni ka san nawa nake zuba wa tirela ɗaya?" Daga nan zama ya koma gasar wanda ya fi shan wahala, kuma a wannan gasa maigida ba ya faɗuwa. Idan ka ga dole sai ta shiga, ba ta layi ɗaya a ƙarshe, da adadi, ba tare da haya da yara ba. Ni dai a takardar da zan nuna maka ban sa ta ba.

Maganar wanda aka ɗauka bayanka kuwa, cire ta ɗungurungum. Tambayar farko da za a yi maka ita ce wa ya gaya maka albashinsa, sai ka jefa akanta ko shi yaron cikin matsala. Ta biyu, ba ka san yarjejeniyar da aka yi da shi ba, watakila ɗan abokin Alhaji ne, watakila da wata takardar ya zo. Na taɓa ganin wani ya kawo irin wannan ƙorafi a inda na yi aiki, manaja ya ce lallai an yi kuskure, aka rage na wancan, shi ba a ƙara masa ba, suka shekara ba sa gaisawa. Abin da kake buƙata shi ne farashin aikin a kasuwa, ba farashin mutum ɗaya ba. Ka ce ka tambayi masu kula da sito biyu, ɗaya a Sharaɗa ɗaya a Bompai, unguwannin masana'antu na Kano, suka ce 120,000 da 140,000. Nemo na uku, kuma ka tabbata wuraren sun yi kusa da naku a girma. Siton masana'antar da ke da ma'aikata ɗari biyar ba sa'an naku ba ne, Alhaji zai yi dariya idan ka kawo shi. Ka kuma tambaye su ko adadin da suka faɗa shi ne kafin a cire haraji da fansho ko wanda ke shiga asusu, domin mutane sukan faɗi wanda ya fi daɗin ji.

Wannan bambanci ya shafe ka kai ma. Idan kamfaninku yana biyan fansho, dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga wurinka, kamfani ya zuba kashi 10. A kan ƙarin 45,000, idan duka aka lissafa shi cikin abin da ake cire wa fansho, 3,600 za su tafi daga naka kafin a zo kan haraji, Alhaji kuma zai ƙara 4,500 daga aljihunsa. Wato abin da zai fita daga kamfani 49,500 ne a wata, 594,000 a shekara. Ka riƙe wannan adadin a ka, saboda shi akanta zai kai masa. Ka kuma rubuta a fili cewa 130,000 ɗin kafin cire-cire kake nufi, kada ƙarshen wata ya zo ku fara "ai ni ba haka na fahimta ba".

Jimlarka ta ƙarshe, ta neman wani wuri: kana da wani wurin? Ka ce min a'a. To bindiga ce ba harsashi. A irin kamfanoninmu na gida, inda maigida yake ganin ma'aikaci kamar yaronsa, barazana a rubuce ana ɗaukarta raini ne, kuma mai kuɗi zai yarda ya yi asara da a ce yaro ya tanƙwara shi. Amsar da aka saba bayarwa gajeriya ce: Allah ya ba da sa'a, kawo makullan. Ko ranar da ka samu wani aikin a hannu, da baki ake faɗa, cikin ladabi, a matsayin neman shawara.

Ga yadda zan rubuta ta da ni ne. Idan da Turanci ake rubutu a ofishinku, ka bi wannan tsarin dai, kada ka ƙara mata ado.

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina neman a tabbatar min da muƙamin mai kula da sito a rubuce, tare da daidaita albashina da muƙamin.

An ɗauke ni a 2022 a matsayin mai rubuta rasit. Tun watan Janairun 2025 nake haɗa wannan aiki da kula da sito, kuma ba a ɗauki wani a gurbin ba. Albashina yana nan a 85,000.

A wata shida kafin in karɓi sito, gibin ƙidayar ƙarshen wata katan 41 ne a matsakaici. A wata shida bayan na karɓa ya koma katan 12. A kan naira 10,000 kowane katan, bambancin 290,000 ne a wata. Kyamarar da aka sa a Fabrairu ta taimaka ƙwarai. Daga ɓangarena na kawo sa hannun direba kafin lodi da ƙidayar kowace Asabar. Alƙaluman suna cikin takardun ƙidaya da ke wurin akanta.

Na bincika a kamfanoni masu girma irin namu, ana biyan mai wannan aiki tsakanin 120,000 da 140,000. Ina roƙon a mayar da albashina 130,000 kafin cire haraji da fansho, daga wata mai zuwa.

Zan so a ba ni minti goma a duk lokacin da ya yi maka daidai a makon nan ko na gaba, in kawo takardun. Na gode da amanar da aka ba ni."

Ka lura ba ta cika shafi ɗaya ba, kuma buƙatar tana layin farko. Alhaji a tsaye yake karatu, waya na ringi, wani yana jiran sa hannu. Idan sai ya kai sakin layi na huɗu kafin ya gane abin da kake so, ba zai kai ba. Ka lura kuma akwai adadi a ciki. "A duba lamarina" da ka rubuta tana nufin ka bar masa ya yanke, idan ya ƙara 5,000 ai ya duba, ba ka da bakin magana. Ladabin yana nan, "ranka ya daɗe" tana nan, "ina roƙo" tana nan. Ba a ce mai hujja ya zama mai tsaurin ido ba.

Hattara da abu ɗaya wajen tattara hujjar. Kada ka ɗauki hoton littattafan kamfani a wayarka, kada ka kai su gida, kada ka tura min su ni ma. Ka rubuta kwanan wata da adadi a 'yar takarda, ka nuna inda asalin yake. Mai neman a ƙara masa saboda amana ba ya fara da fitar da sirrin ciniki. Sannan kada ka ambaci sunan tsohon mai siton ko ka nuna kamar shi yake kwashe kayan. Ba ka da shaida, kuma ba ka san abin da ke tsakaninsa da Alhaji ba. Ka ce "kafin in karɓa" ka tsaya nan.

Idan akwai manaja tsakaninka da Alhaji, ta hannunsa za ta bi, ko aƙalla ya gan ta kafin ta wuce. Alhaji zai tambaye shi ra'ayinsa ko ka so ko ka ƙi, kuma manajan da aka tsallake ba ya cewa alheri. Game da lokaci, ka kai ta kwana biyu ko uku bayan ƙidayar ƙarshen wata, idan ƙidayar ta yi kyau, lokacin adadin yana sabo a kan kowa. Ka guji makon biyan albashi, ka guji gab da azumi da Sallah, lokacin da takardun neman taimako suke cika tebur, don taka za ta shiga cikinsu a yi mata kuɗin goro.

Yanzu amsoshin da za ka iya samu. Wadda ta fi yawa ita ce "za mu duba". Kada ka ce to ka fita. Ka ce, "Na gode ranka ya daɗe, in dawo ranar Litinin ta sama ko bayan ƙidaya mai zuwa?" Ka ba shi rana biyu ya zaɓa. "Za mu duba" da ba ta da rana takan shekara.

Idan ya ce kasuwa ba daɗi, ba zai iya 130,000 ba, ka shiga da matakinka na biyu a shirye: 110,000 yanzu, 130,000 bayan wata uku idan gibi bai wuce katan 15 ba a wata. Na ce 15 ban ce 12 ba da gangan, don ka bar wa kanka wurin numfashi, wata rana ruwa zai jiƙa kaya ko mai lodi ya fasa katan. Wannan tayi yana yi wa ɗan kasuwa daɗi saboda ya ga abin da zai saya kafin ya biya. Amma a rubuta, ko da layi biyu ne da sa hannu. Kuma ka yanke wa kanka tun a gida adadin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba, don a gaban maigida kunya takan sa mutum ya ce "ba komai" ga abin da zai dame shi shekara guda.

Akwai tarko a nan da nake so ka gani tun daga nesa. Tunda kai ka kawo maganar gibi, yana iya cewa: na yarda, amma daga yau duk katan da ya ɓace daga albashinka. Kada daɗin 130,000 ya sa ka amsa. Katan 12 a kan 10,000 naira 120,000 ne, ka ga saura dubu goma ka kai gida. Dokar ƙwadago a sashe na 5 ba ta bar maigida ya yanki albashi yadda ya ga dama ba. Ta yarda da yanka mai ma'ana ne a kan asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, shi ma da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Ba sai ka karanta masa doka ba. Ka ce sito hannu da yawa ke shiga, akwai masu lodi akwai direbobi, za ka ɗauki alhakin abin da bincike ya nuna sakacinka ne, ban da wanda ba a san inda ya bi ba.

Idan kuma ya ce a'a ƙarara, ka roƙi abu biyu da ba sa cin kuɗi: takardar muƙamin, da ranar da za a sake zama. Takardar nan ita za ka nuna a Sharaɗa ko Bompai ranar da ka tashi neman wani wurin da gaske, domin a yanzu duk wanda ya duba takardunka mai rubuta rasit zai gani. Idan ya hana ka har takardar, ka ci gaba da riƙe siton da kyau, ka ci gaba da rubuta adadin kowane wata a 'yar takardarka, ka fara tambaya a hankali.

Kafin ka kai, ka sake ba maiɗakinka ta karanta, tunda ta nuna tana da ido. Ka kuma sake lissafa 41 da 12 ɗin nan wata bayan wata da kalkuleta, kada ka dogara da abin da ka faɗa min a waya. Idan ka tarar 38 ne ba 41 ba, ka rubuta 38.